Yadda nake haɗa sabulun wanka a Tudun Wada, da kuskuren da ya kusa rufe mini sana'a

Kusan kowane mako sai an tambaye ni yadda nake haɗa sabulun nan, wasu a wajen biki, wasu idan sun zo saro. Yawancin masu tambayar mata ne, shi ya sa zan yi maganar kamar da mace nake yi, amma namijin da ke son sana'ar ma duk hanyar ɗaya ce. Ni ce na kafa ɗan ƙaramin kamfanin da muke da shi a Tudun Wada, nan Kaduna. Ɗaki biyu ne da rumfa, ni da 'yan mata biyu masu taimaka mini. Ban karanta kimiyya ba. Horon kwana uku na je a wata cibiyar koyar da mata sana'a, aka ba mu takarda guda mai lissafi, na dawo gida na fara.

Zan ɗauki zubi ɗaya tak, na man kilo 5, mu bi shi daga kasuwa har shago. Inda na taɓa faɗuwa zan nuna miki wajen.

1. Sikeli kafin komai

A wajen horo abin da aka koya mana shi ne a jiƙa kostik soda ta kwana, a sa haidiromita, wato ma'aunin kaurin ruwa, a ciki har ta nuna 1275, sannan a auna kofi biyu na mai, kofi ɗaya na ruwan soda. Haka na yi shekara guda cur ina sabulun wanki, kuma bai taɓa ba ni matsala ba. Sai na ɗauka wannan lissafin na kowane sabulu ne.

Ba haka ba ne. Lissafin na man alayyadi ne kaɗai, farin nan na inji da 'yan kemikal ke kira PKO. Ruwan soda mai nuna 1275, lita ɗayansa tana ɗauke da soda wajen giram 320. Lita biyu ta alayyadi kuwa kusan daidai wannan sodar take buƙata, shi ya sa suke dacewa. Amma lita biyu ta manja ba ta cinye fiye da giram 260. Man kaɗanya ma bai kai haka ba. Duk sodar da mai bai cinye ba tana nan zaune cikin sabulun, tana jiran fatar mutum.

A shekarata ta biyu alayyadi ya yi tsada, ni kuma ina son shiga sabulun wanka. Sai na raba man, rabi alayyadi, sauran manja da kaɗanya, na bar kofin soda yadda yake. Sabulun ya yi kyau a ido, fari, ga tauri. Na kai kwali biyu wani shago a unguwarmu. Bayan kwana goma mai shagon ta aiko a kira ni. Na tarar da wata dattijuwa a zaune, ta ɗaga hannun rigar jikarta ta nuna mini: fatar yarinyar ta yi ja ta bushe, tana saɓulewa kamar ɓawon albasa.

Ta ce, "'Yata, ke ce mai sabulun nan?"

Na ce, "Ni ce, Hajiya."

Ta ce, "To ki je ki yi wanka da shi sau uku, sannan ki dawo mu yi magana."

Ban taɓa wanka da shi ba, gaskiyar magana ke nan. Hannu kawai na wanke da shi na ga kumfa. Na kwashe kwalayen biyu na biya kuɗin maganin yarinyar, kuma shagon bai sake karɓar kayana ba sai bayan fiye da shekara.

Saboda haka sayayyarki ta farko sikeli ne na lantarki, irin na kicin mai auna giram ɗaya-ɗaya har kilo 5 ko 10. Mai, soda, ruwa, turare, duk da nauyi ake auna su. Kofi da gwangwani ki bar wa masu awon gero.

2. Sauran kayan aiki

Bokitin roba mai kauri guda biyu, ɗaya na ruwan soda, ɗaya na haɗi. Ki juya gindin bokitin, idan kin ga lamba 5 ko 2 cikin 'yar alamar nan mai kusurwa uku, zai jure. Sai tukunyar narka mai, babban cokalin roba ko na ƙarfen da ba ya tsatsa, ma'aunin zafi, safar hannu ta roba mai tsawo, tabarau mai rufe gefen ido, da akwatin zubi. Nawa kafinta ne ya yi mini da katako, ina shimfiɗa leda mai kauri a ciki. Idan da hali ki sayi bilenda ta hannu, mai tsawon nan da ake tsoma kanta cikin bokiti. Tana mayar da aikin awa guda ya koma na 'yan mintuna.

Gargaɗi: kada soda ta taɓa alminiyom. Tukwanen girkin biki da yawancin abin da muke kira silba a kasuwa alminiyom ne. Soda tana cin sa, ta yi baƙi, ta riƙa fitar da iska mai kama wuta. Muciyar katako ma soda tana cinye ta a hankali, wata rana sai ki ga ƴan tsinkaye cikin sabulu. Kuma duk abin da ya shiga aikin sabulu ya fita daga kicin ke nan har abada.

3. Sayen mai da soda

Ga abin da ke shiga zubin: manja giram 2,500, alayyadi giram 1,500, man kaɗanya giram 1,000. Manja ke ba sabulu jiki ya daɗe bai narke ba. Alayyadi ke kawo kumfa, amma idan ya yi yawa yana busar da fata, shi ya sa ba na bari ya wuce kashi 30 cikin 100 a sabulun wanka. Kaɗanya kuma ita ke sa shi laushi a jiki.

Soda da turare da alayyadi ina samunsu wajen masu kayan kemikal a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Kaɗanya wata mata ce ke kawo mini daga Jihar Neja. Kowane mai sai na shinshina kafin in biya. Man da ya fara warin tsufa, sabulunsa ma zai yi, turare ba ya ɓoye shi fiye da wata guda. Kaɗanya kuma ki narka ɗan kaɗan a cokali ki gani. Idan ta narke ta bar gari-gari ko ruwa a ƙasa, an yi mata haɗi. Alayyadin nan baƙi na gargajiya, mai ƙamshin ƙuna da ake shafa wa jarirai, ba shi nake nufi ba, zai baƙanta miki sabulun ya danne turaren.

Soda ki sayi busasshiya, mai ɓarɓashi ko ƙwaya-ƙwaya, wadda aka rubuta 99% a buhunta. Idan kin ga ta dunƙule ko tana naso, ta sha iska, ƙarfinta ya ragu, lissafinki ba zai fita ba. Wannan ya fi faruwa da damina, wajen masu ƙulla ta a leda. Da kin kawo gida ki juye ta a roba mai murfi.

Kada a ruɗe ki da soda ash, wadda wasu ke kira sodar wanki. Ita daban ce, ba ta mayar da mai sabulu a wannan haɗin.

4. Lissafin soda

Nan ne zuciyar aikin, ki zauna da biro. Kowane mai yana da adadin sodar da giram ɗayansa ke cinyewa. Na manja 0.142 ne, na alayyadi 0.176, na kaɗanya 0.128. Sai ki ninka nauyin kowane mai da lambarsa.

Manja 2,500 sau 0.142 ya ba da 355. Alayyadi 1,500 sau 0.176 ya ba da 264. Kaɗanya 1,000 sau 0.128 ya ba da 128. Idan kika haɗa, giram 747 ke nan. Wannan ita ce sodar da za ta cinye man gaba ɗaya ba ragi.

Amma ba ma son ta cinye duka. Lambobin nan matsakaici ne, manjan da kika saya yau ba lallai ya zama daidai da na wancan watan ba, sikeli ma yakan yi ɗan kuskure. Don haka ake rage kashi 5 cikin 100 na sodar, ya zamana idan an samu saɓani, mai ne ya yi saura ba soda ba. 747 sau 0.95 ya ba da kusan 710. Sodarmu ke nan, giram 710.

Ruwa kuma ninki biyu na soda nake sawa, giram 1,420. Turare giram 100.

Gargaɗi: duk ranar da kika canza mai, ko kika canza yawan ɗaya daga cikinsu, ko da rabin kilo ne, sai kin sake lissafin daga farko. Idan kaɗanya ta yanke kika ce bari ki cike da man gyaɗa, lambarsa 0.137 ce, ki koma kan takarda. Abin da ban yi ba ke nan a wancan karon.

5. Wanke manja

Idan kika zuba manja da jansa, sabulun zai fito ruwan lemo, kumfarsa ta riƙa ɓata tawul. Akwai masu son haka, amma kasuwata ba ta so. Ana samun wanda aka riga aka wanke, wato aka cire masa jan, a wajen 'yan kemikal, kuma idan kuɗin ya yi miki, shi ya fi sauƙi. Idan da kanki za ki yi, a tsakar gida ake yi, ba a ɗaki ba. Ki zuba manjan kada ya wuce rabin tukunya, ki ɗora a wuta matsakaiciya ba murfi, ki bar shi. Zai yi hayaƙi mai shiga ido. Lokaci zuwa lokaci ki ɗiga shi a kan farar takarda. Da farko ɗigon ja ne, sai ya koma rawaya, idan ya zama kamar na man gyaɗa sai ki kashe wutar.

Gargaɗi: man nan yana kusa da kama wuta a lokacin. Ki ajiye murfin tukunyar kusa da hannunki, ki kori yara, kada ki tafi ɗauko waya. Idan ya kama, kashe gas ki rufe da murfi. Ko kusa kada ki watsa ruwa.

Kwana ɗaya kafin haɗi nake wannan aikin, don ya huce sosai. Kuma sai bayan an wanke ake auna giram 2,500 ɗin, ba kafin ba.

6. Ruwan soda

Ki sa safar hannu da tabarau da riga mai dogon hannu. Ki auna ruwan sanyi giram 1,420 a bokiti. Ruwan sama da aka tara a roba mai tsabta ya fi mini, ruwan wasu rijiyoyin yana da gishiri-gishirin da ke rage kumfa. Ki auna soda giram 710 a busasshen kwano na roba. A waje, inda iska ke kaɗawa, ki riƙa zuba sodar cikin ruwan kaɗan-kaɗan kina juyawa, fuskarki a gefe.

Gargaɗi: soda ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda. Idan aka juya tsarin tana iya tafasowa ta fantsamo miki. Ruwan zai ɗau zafi da kansa har kusan na tafasa, ya yi fari-fari, ya fitar da tururi mai sa tari. Ki ci gaba da juyawa har ki daina jin ƙwaya a ƙasa, ruwan ya washe.

Ba sai ta kwana ba. Abin da ake so kawai ta narke ta huce.

Idan ta taɓa fata, ki sa wajen ƙarƙashin ruwa mai gudu na minti 15 zuwa 20. Kada ki shafa manja ko man shafawa, kada ki tsaya neman lemon tsami. Idan ido ne, ki yi ta wanke shi da ruwa ba ƙaƙƙautawa, sannan a wuce asibiti, muna da babban asibitin ido na ƙasa a wajen Mando. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yara. Ruwan soda da ya washe ba shi da maraba da ruwan sha a ido. Kada ki taɓa zuba shi a gorar ruwa ko kwalbar lemo, kada ki bar shi a ƙasa yana hucewa ki shiga ɗaki. Nawa a cikin ɗakin aiki yake hucewa, a kulle, makullin a ɗaure a bakin zanina. Yaron da ya sha, ba a sa shi amai, asibiti ake nufa da shi nan take.

7. Haɗi

Ki narka alayyadi da kaɗanya a wuta kaɗan, ki haɗa da manja a babban bokiti. Idan akwai datti ki tace da kyalle. Ana so mai da ruwan soda duk su sauko wajen digiri 40 zuwa 45. Idan babu ma'auni, ki taɓa jikin bokitin ta waje: ɗumi kamar ruwan wankan jariri.

Ki zuba ruwan soda cikin mai a hankali, siriri, kina juyawa. Daga nan sai juyi. Da bilenda, ki tsoma kanta har ƙasa kafin ki kunna, ki yi daƙiƙa goma ki kashe, ki juya da hannu, ki sake. Da cokali kuwa ki shirya zama, yakan kai minti arba'in ko awa guda. Abin da kike jira shi ne haɗin ya kama jiki kamar kunun gyaɗa mara kauri sosai. Ki ɗaga cokali ki ɗiga a saman, idan ɗigon ya kwanta ya bar sawu na ɗan lokaci kafin ya nutse, ya yi. A nan ake zuba turare, a juya sosai, a juye cikin akwati.

Hunturu yana da tarkonsa a nan. Sanyin asubar Disamba da Janairu a Kaduna yana daskarar da alayyadi da kaɗanya tun a jarka. Idan mai ya yi sanyi da yawa, ko ruwan soda ya kwana a waje ya yi ƙarara, da kin haɗa sai ki ga ya yi kauri cikin minti biyu. Sai ki ɗauka ya kama. Bai kama ba, man ne ya daskare. Alamarsa ita ce kaurin yana da gudaji-gudaji, ba santsi. Idan kika juye a haka, gobe za ki tarar da mai a sama, ruwan soda a kwance a ƙasa. Maganinsa ki ci gaba da juyawa, zafin haɗin zai narkar da shi ya sake sakin jiki, sannan ya yi kamun gaskiya. Da hunturu ba na haɗi sai rana ta ɗaga.

Turare ma yana da nasa halin. Wanda aka surka da sinadarin nan mai saurin tashi, irin na fesawa a jiki, yana iya daskarar da haɗin nan take ya zama kamar tuwo cikin bokiti. Turaren sabulu za ki nema, kuma duk sabon turare ki gwada shi a haɗin rabin kilo tukuna. Na taɓa asarar zubi guda saboda wani turare mai daɗi da aka ba ni tsaraba.

8. Zubi, yanka, da jira

Bayan kin juye, ki ɗaga akwatin ki ɗan buga shi a ƙasa sau uku don iska ta fita. Ki rufe saman da leda. Da hunturu ina ƙara tsohon bargo, da bazara ba na rufawa da komai bayan ledar, don zafin Maris da Afrilu yana iya sa tsakiyar ta kumbura ta tsage.

Bayan kwana ɗaya zuwa biyu zai yi taurin da za a iya yankawa, kamar cuku. Har yanzu da safar hannu za ki taɓa shi. Haɗin gaba ɗaya ya kai kilo 7 da ɗan ɗori, ina yanka shi giram 125 kowane, in samu guda 55, sauran gefe-gefe ne da muke amfani da su a gida. Kada ki bari ya wuce kwana uku ba ki yanka ba, alayyadi yana sa shi tauri har ya riƙa karyewa a wuƙa.

Sai jira, mako 4 zuwa 6. Ki jera su a tsaye a kan katako ko kwandon roba, da ɗan tazara tsakani, a inuwa inda iska ke ratsawa, kina juya su duk mako. Kada ki jera a kan ƙarfe mai tsatsa, kada ki shanya a rana. A wannan lokacin ruwa ke fita, sabulun ya ƙara tauri da laushi a fata. Wanda aka yanka a 125 zai sauko wajen 110.

Da hunturu mako huɗu ya isa, sai dai ki yafa musu siririn kyalle saboda ƙura. Da damina, musamman Agusta, sai shida, wani lokacin ma har ki ga suna gumi, ɗigo-ɗigon ruwa a jikinsu. Ba lalacewa ba ce, laimar iska suke ja. Ki goge, ki kunna fanka idan akwai wuta, kuma kada ki naɗe su a leda a haka.

Jarabawar da ta fi kowace wuya ita ce a zo miki da kuɗi a hannu a mako na biyu. Na sha sayarwa a da. Sabulun yana narkewa a kwana huɗu, mai saye kuma ba za ta ce ɗanye ne ba, cewa za ta yi kayanki ba su da auki.

9. Gwaji kafin ya fita

Ki ɗauki ɗaya daga tsakiyar zubin ki raba shi biyu ki duba ciki. Mai kyau launinsa ɗaya ne, santsi. Idan yana marmashewa kamar alli, ko kin ga fararen ƙwayoyi ko ramuka masu ruwa a ciki, soda ta yi yawa ko ba ta haɗu ba, wannan ba na jikin mutum ba ne. Idan yana da taushi yana nason mai bayan makonni, soda ta gaza, ko dai awo ko dai ta sha iska tun a kasuwa. Farar hoda a sama kawai, wadda ke gogewa da jiƙaƙƙen kyalle, ba komai ba ce. Ɗigo-ɗigo ruwan lemo masu warin tsohon mai kuwa, man ne ya lalace.

Idan cikin ya yi kyau, ki jiƙa yatsa ki goga a jikin sabulun ki ɗan taɓa a kan harshe. Ɗanɗanon sabulu kawai ya kamata ki ji. Idan ya tsikare ki kamar kin lasa batir, akwai sauran soda. Ana kuma sayar da takardar gwajin pH mai nuna ƙarfin soda, sabulu mai kyau yana nuna 9 zuwa 10.

Na ƙarshe shi ne wanda Hajiya ta koya mini. Kowane zubi sai na yi wanka da shi kwana uku, har fuska, kafin kwali ɗaya ya bar gidan. Kuma ina da littafi: ranar zubi, nauyin kowane abu, wajen wanda na sayi man, da lambar zubin. Ina ajiye guda ɗaya daga kowane zubi har shekara. Idan aka kawo ƙorafi, na san wanda zan ɗauko.

10. Lissafin kuɗi

Farashi ba ya zama wuri ɗaya, don haka ga yadda wani zubi ya kama a littafina, ke kuma ki sa naki. Manja naira 5,500, alayyadi 3,600, kaɗanya 4,000, soda 1,300, turare 3,000, gas 700, takardar naɗi da lakabi 3,300, kuɗin Keke zuwa kasuwa da kai kaya 1,500. Ya kama 22,900. Sai ladan aiki 3,000, ko da ni na yi da hannuna. Jimla 25,900. A raba wa sabulu 55, kowane ya tashi wajen naira 470. A lokacin ina ba masu shago a 650, su sayar 800.

Shekara biyu na yi ba na sa ladan aiki da kuɗin mota da takarda a lissafi. Ina ganin kuɗi na shigowa, amma duk ƙarshen wata sai na karɓi na sayen mai a hannun maigida. Shi ne ma ya zaunar da ni wata rana ya ce in kawo littafin mu gani, muka tarar kusan a kan uwar kuɗi nake sayarwa.

Abin da ba a faɗa a wajen horo shi ne kuɗin da ke kwance a kan katako. Idan zubi ɗaya kike yi duk mako, kuma sai ya yi mako shida, kin zuba na zubi shida, fiye da naira 130,000, kafin sisi ya dawo. Idan kuma kika ba shago bashi sai ya sayar, ki ƙara wata guda a kai. Jarin da za ki tanada ke nan, ba kuɗin zubi ɗaya ba. Kuɗin adashina na farko a nan ya maƙale, na zauna mako uku ba aiki ina kallon sabulu yana bushewa.

11. Rajista da abin da za ki rubuta a jiki

Sabulun wanka yana ƙarƙashin hukumar NAFDAC, cikin kayan kwalliya. Tsarin shi ne ki fara rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, sannan ki nemi ta NAFDAC, wadda ake cikewa a shafinsu na NAPAMS. Za su zo duba wajen aiki su kuma gwada samfurin, lambar da za su ba ki tana aiki shekara biyar. Wajen aikin ya zama a ware yake daga inda ake girki da kwana, da wajen ajiye kaya daban da wajen haɗi. Manyan shaguna ba sa karɓar kaya ba lamba, kuma da ita ne na samu ƙarfin gwiwar kai kayana kasuwar baje koli ta Kaduna da ake yi a hanyar Zariya. Ki je ofishinsu da ƙafarki ki tambayi kuɗin da ake biya a lokacin. Na taɓa ba wani ɗan tsakani kuɗi ya yi mini, wata biyar ina bin sa.

A lakabi ki sa sunan sabulun, abubuwan da ke ciki, nauyi, adireshi, lambar zubi, ranar yi da ranar ƙarewa. Nauyin bayan ya bushe ake aunawa. Nawa yana 110, ina rubuta giram 100.

Lakabina na farko na rubuta "babu kemikal", na kuma rubuta yana maganin ƙuraje da ƙyasbi. Duka biyun ba gaskiya ba ne, na cire su. Babu sabulun da ake yi ba tare da soda ko ɗan'uwanta ba. Ko sabulun salo na iyayenmu da ruwan toka ake yin sa, aikin da soda ke yi shi tokar ke yi. Abin da zan iya faɗa da gaskiya shi ne, idan lissafi ya yi daidai, sodar ta ƙare a cikin man, babu saura. Maganar magani kuwa, da zarar kin rubuta sabulu yana warkar da cuta kin shiga wani layin rajista daban, kuma ba ki da hujjar da za ki nuna.

Za a kuma matsa miki a kan na haske. Kusan duk wata sai wata ta ce, "Anti, ki ɗan sa mana abin da zai sa mu yi fari mana, wallahi zai fi tafiya." Na san zai fi tafiya. Amma wasu daga cikin abubuwan da ake zubawa don haka, irin su sinadarin makuri, an haramta su a kayan shafa, kuma ƙullin hodar da ake sayarwa ba suna a kasuwa ba ki san me ke ciki ba. Ba na sawa. Abin da ke rubuce a bayan sabuluna yanzu layi biyu ne: manja, man alayyadi, man kaɗanya, ruwa, kostik soda, turare, sai lambar waya da za a kira idan ya yi wa wani ba daidai ba.